Yadda ake rubuta tallan abincin rana a Yamai: lokaci uku, kuɗi da kai wa gida

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ina da ɗan gidan abinci a Bukoki, nan Yamai, kuma ina so in fara yin dambu da zogale da soyayyen zabo duk ranar Laraba. Da na sa hoto a WhatsApp, sai in wuni ina amsa "nawa ne?" da "ana kawowa?", wasu kuma su zo bayan tukunya ta ƙare su tafi da fushi. Me ya kamata in rubuta a ƙarƙashin hoton game da lokaci da kai wa gida?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa sana'ar albarka. Na yi shekaru ina wannan aiki a garin nan, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne rubutun da ke ƙarƙashin hoto alkawari ne kike ɗauka wa mutum mai jin yunwa. Duk kalmar da kika sa a ciki, da ita zai kama ki da rana tsaka. Saboda haka ba a waya ake fara rubuta shi ba, a madafa ake farawa, da lissafin abin da tukunyarki da mai motonki za su iya. In lissafin ya fito, rubutun kansa ba zai ɗauke ki minti biyar ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne a rubuta lokaci ɗaya tak, kamar "daga ƙarfe 12". Abincin da ake kai wa gida lokaci uku gare shi, kuma kowanne da mai buƙatarsa. Akwai lokacin da kike rufe karɓar kumandi, wannan naki ne da na masu taya ki aiki, don ki san faranti nawa za ki zuba. Akwai lokacin da ake fara zubawa a wurinki da lokacin da ake tsayawa, wannan na mai zuwa da ƙafarsa ne. Sai kuma lokacin da abinci zai isa hannun wanda ke biro ko gida. Mutumin da ke aiki a Filato in ya karanta "daga ƙarfe 12", abin da ya ji shi ne sha biyu na bugawa farantinsa na kan tebur. Ke kuwa abin da kike nufi shi ne sha biyu kike sauke tukunya. Tsakanin fahimtar nan biyu akwai kusan awa guda, kuma a cikin awar nan ne wayarki ke ta ƙara, mai abinci na ganin kin saɓa masa, ke kina ganin ba ki yi laifin komai ba.

Bari mu ɗauki Larabarki mu lissafa. Alƙaluman da zan sa misali ne, ki maye su da naki. Mu ce kin sayi zabi goma, kowanne kin raba shi huɗu, kin samu yanka arba'in. To farantin dambu mai zabo arba'in ke gare ki, ko da dambun zai iya ciyar da mutum sittin. Naman ne ke yanke adadin, ba garin ba, kuma wannan adadi shi ya kamata ya fito a rubutu. Yanzu mu koma ga mai moto. Mu ce yaro ɗaya ne, akwatin bayansa na ɗaukar roba goma ba tare da an danne su ba. Zagayen kusa, wato cikin Bukoki da Lazare da Wadata, in zai tsaya wuri huɗu, ba zai gaza minti arba'in ba. Ba tafiyar ke cin lokaci ba, tsayuwar ce: ya kira ba a ɗauka ba, ya jira a sauko daga bene, mai gadi ya ce sai an fito, sannan a fara neman canji. Ki ba kowace tsayuwa minti biyar zuwa bakwai a lissafinki, ba za ki yi nisa da gaskiya ba. Zagayen Filato kuwa, da cunkoson wajen Katako da rana, ki sa masa minti hamsin.

Masu cin abincin rana suna son ya iso tsakanin sha biyu da rabi zuwa biyu, kafin ko jim kaɗan bayan sallar azahar. In yaron ya fita sha biyu, awa biyu ke gare shi, kuma a cikin awa biyu tafiya uku ce iyakarsa, in komai ya tafi daidai. Tafiya uku roba talatin ke nan a takarda, amma ni ba na yi wa kaina alkawarin cika ma'auni har baki, don taya na iya yin faci, ko wani ya ba da kwatancen da ba shi ba. Ki tsaya a ashirin da biyar na kaiwa, ki bar goma sha biyar ga masu zuwa su ci a wurinki ko su ɗauka da kansu. Kin ga tun kafin ki taɓa waya kin riga kin san abu huɗu: yawan faranti, yawan wanda za a kai, unguwannin da za ki iya, da ƙarfen da kowace unguwa za ta samu nata.

Maganar Harobanda sai ki yi ta da kanki tukuna. Akwai ciniki a can, ga ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni da malamansu, ga ma'aikata. Amma daga Bukoki a sauka a haye gadar Kenedi a shiga unguwa a dawo, tafiya ɗaya za ta cinye miki fiye da awa, wato ta hana ki zagaye ɗaya da rabi na kusa. Da mai moto ɗaya, ra'ayina ki bar hayin kogi tukuna, ko ki gindaya sharaɗi a fili: sai faranti biyar ko fiye a wuri ɗaya, kuma sai an yi magana tun daren Talata, don ki nemi wani mai moto na wannan tafiya kaɗai. Kada ki rubuta "muna kaiwa ko'ina cikin Yamai". Garin nan ya yi faɗi ƙwarai, kuma ranar da mutum daga Kubiya da wani daga Tallaje suka kira ki a minti ɗaya, ɗayansu sai ya ci abinci da la'asar.

Sai kuɗi, wanda a nan ƙasar yana da tarko na musamman. Mu da baki dala muke ƙirgawa, a takarda kuma sefa ake rubutawa. Dala ɗaya tamma biyar ce, saboda haka dala ɗari ita ce 500 F, jika kuma 1.000 F. In kika rubuta "kaiwa 500" kawai, mai karatun boko zai fahimci 500 F, amma in ya karanta wa mahaifiyarsa da Hausa ya ce "ɗari biyar", ita abin da ta ji dala ɗari biyar ne, wato 2.500 F, sai ta ce kuɗin moto ya fi na abincin. Haka in kika yi saƙon murya kika ce "ɗari huɗu", ɗan kasuwa ya san 2.000 F kike nufi, amma yaron da ya saba da lissafin Faransanci zai iya zuwa da 400 F a hannu. Maganin abin mai sauƙi ne. A rubuce, kowane adadi ki bi shi da harafin F. A murya, ki yi amfani da jika inda ta shiga, ki ce jika biyu, jika da rabi, don ita jika ba ta da fassara biyu, inda kuwa sai an ce ɗari, ki sa kalmar dala a gabanta.

Wani abin da ake mantawa shi ne a faɗi ko kuɗin kaiwa na faranti ne ko na tsayuwa. Ni na tsayuwa nake karɓa, kuma shi nake ba ki shawara, domin yaro in ya je biro ɗaya, wahalar roba ɗaya da ta roba biyar duk ɗaya ce. Da kin rubuta cewa kuɗin moto na wuri ne ba na faranti ba, ma'aikatan da ke ɗaki ɗaya da kansu za su haɗa kumandinsu su raba kuɗin, ke kuma tsayuwarki ta ragu, abinci ya fi saurin isa. A misalinmu, roba ashirin da biyar in sun watsu wuri ashirin, yaro ɗaya ba zai gama kafin biyu ba ko zai tashi sama. In sun taru wuri goma sha ɗaya ko sha biyu, zai gama da sauran numfashi. Layi ɗaya a cikin rubutu shi ke jawo wannan bambanci. Ki kuma auna ko abin da ke shigowa na riƙe yaron: wuri takwas na kusa a kan 500 F da wuri huɗu na nesa a kan 1.000 F sun ba ki 8.000 F, daga ciki za ki fitar da man moto, da ladansa, da kuɗin kiran waya. In kin ga ba ya rufewa, ki gyara kuɗin kaiwa a fili, kada ki rage yankan nama a ɓoye, don mai ci yana gani.

Ga irin rubutun da na fi cin karo da shi, wanda ina jin naki na yanzu bai yi nisa da shi ba:

"Yau akwai dambu mai daɗi sosai!!! Ku zo ku ɗanɗana, ba za ku yi nadama ba. Ana kaiwa. A tuntuɓe mu."

Wanda ya rubuta wannan da zuciya ɗaya ya rubuta, amma bai faɗi kuɗi ba, bai faɗi lokaci ba, bai faɗi inda ake kaiwa ba. Ga kuma yadda zan rubuta na Larabarki:

"LARABA: dambu da zogale da soyayyen zabo, 2.000 F
Ba zabo: 1.000 F. Faranti 40 ne kawai.
Akwai ƙuli-ƙuli da man gujiya a ciki. Yaji da ɗanyar albasa daban muke ƙullawa.
Kumandin kaiwa: har 11h00.
Ci a nan ko ɗauka: 12h00 zuwa 14h30, ko har ya ƙare.
Bukoki, Lazare, Wadata: 500 F, yana isowa 12h15 zuwa 13h15.
Filato: 1.000 F, yana isowa 13h00 zuwa 14h00.
Kuɗin moto na wuri ne, ba na faranti ba.
Harobanda: faranti 5 ko fiye, a yi magana tun daren Talata.
Biya: hannu da hannu ko MyNita. Mai takardar 5.000 F ko 10.000 F ya faɗa tun wuri a zo masa da canji.
Aiko suna, yawan faranti, unguwa da kwatance zuwa ga lambar nan."

A ƙarshe sai lambarki da kwatancen wurinki. Ki ƙara kwanan wata kusa da kalmar Laraba duk ranar da za ki sa shi.

Ki lura da layin farko: rana, sunan abinci, kuɗi. Dalili shi ne Facebook na yanke dogon rubutu ya ɓoye sauran a bayan "Voir plus", WhatsApp ma a ƙarƙashin hoton Statut layukan farko kaɗai ke fitowa sai mutum ya taɓa. Yawancin mutane ba sa taɓawa, yatsa na wucewa ne kurum. In kika cika layin farko da sallama da gaisuwa da kirari, kuɗin da lokacin sun faɗa inda ba a gani. Gaisuwa na da wurinta, a cikin hirar da za ki yi da wanda ya rubuto miki, can za ki gaishe shi da kyau har ki tambayi iyali. In kina son layin ya fito da kauri a WhatsApp, ki sa shi tsakanin taurari biyu kamar haka:

```
*LARABA: dambu da zabo, 2.000 F*
```

Kalmar "yau" kuwa ki kiyaye ta, ta taɓa jawo mini abin da har yanzu nake tunawa. Statut na WhatsApp awa 24 yake yi kafin ya ɓace. Na sa hoto da hantsi na rubuta "yau akwai kifi", washegari da safe wani bawan Allah ya gani, ya ɗauka na ranar ne, ya gayyato baƙinsa uku daga wata ma'aikata suka zo da rana, alhali ranar shinkafa da wake na dafa. Bai yi faɗa ba, amma kunyar da ya ji a gaban baƙinsa na gan ta a fuskarsa, kuma bai sake dawowa ba. Tun daga ranar nake rubuta sunan rana da kwanan wata. Ga kuma hoton da ake turawa daga waya zuwa waya, wanda zai iya yawo sati guda a rukunin matan unguwa, rubutun da ke ƙasansa ya ɓace a hanya. Shi ya sa nake so a buga abu uku a jikin hoton kansa: rana, kuɗi, lamba. Sauran bayani ya zauna a ƙasa.

Awoyin na rubuta su 11h00 da 14h30 da gangan, don haka idon mutanen Yamai ya saba gani a takardun aiki da na makaranta, kuma Bahaushe da Bazabarme da wanda Faransanci kawai yake karantawa duk za su gane shi ba tare da fassara ba. Wannan na da muhimmanci a garin da masu sayen abincinki ba harshe ɗaya suke yi ba. Sunan unguwa, adadi da awa ba sa buƙatar tafinta. Sunan abincin ma in kika sa "dambu kopto" a gefe, Zabarmawa sun san abin da ake nufi nan take, Hausawan garin ma haka suke kiransa. Sannan ki tuna akwai masu kuɗin saye da yawa da karatun rubutu ke ba su wuya, musamman iyayenmu mata da ƴan kasuwa. Bayan hoton, ki bi shi da saƙon murya gajere, wanda bai kai rabin minti ba, ki faɗi abin da ke rubuce ba ƙari ba ragi: ranar kaza, abinci kaza, jika biyu, a kira kafin sha ɗaya. Kada muryar ta faɗi wani lokaci daban da na rubutu, in sun saɓa, wanda ya fi yi wa mai saye daɗi shi zai riƙe.

Na ce "yana isowa 12h15 zuwa 13h15", ban ce ƙarfe kaza daidai ba. Tazara ake bayarwa, ba ƙarfe ɗaya ba, saboda wanda ke farkon zagaye da na ƙarshensa ba za su samu a tare ba. Amma tazarar kada ta wuce awa guda, in ta wuce ba ta da amfani ga mai son ya ci ya yi salla ya koma aiki. Kuma akwai dalilin lafiya a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba bisa wuta ba, ba cikin sanyi ba. A zafin Afrilu da Mayu, da ma'aunin zafi ke haura 40 a garin nan, zogalen da aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli aka rufe a roba ba ya jure dogon yawo, yana fara sauya wari, albasar ta yi laushi ta saki ruwa. Saboda haka kada ki zuba robobi ashirin da biyar gaba ɗaya da sha biyu su zauna jiran yaro. Na kowace tafiya ki zuba shi minti goma kafin ya dawo. Zabon ma in an kwantar da shi kan dambu mai tururi aka rufe, kafin ya kai Filato fatar ta jiƙe, soyuwar da kika sha wahala a kanta ta tafi. Ki naɗe shi daban. Layin nan na "yaji da ɗanyar albasa daban" aiki biyu yake yi, yana kare abincin, yana kuma kwantar da hankalin mai gyambon ciki da mai saya wa yara.

Ambaton gujiya ba ado ba ne. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan, akwai kuma waɗanda likita ya hana su mai. A hoto ba a ganin ƙuli-ƙulin da ya narke cikin zogale, sai an faɗa.

Game da siffanta abincin, ki rage "mai daɗi", "na musamman", "ba irinsa". Kowa haka yake rubutawa, ido ya daina ganinsu. In akwai abin gaskiya da ya bambanta naki, shi za ki faɗa da kalma uku ko huɗu: garin masara ne ko na shinkafa, zogalen ɗanye ne na safiyar nan ko busasshe, albasar ta Galmi ce, zabon na ƙauye ne. Amma sai in haka ne. Ranar da ba ki samu ɗanyen zogale ba, ki cire layin. Hoton ma haka, ki ɗauki farantin da za ki sayar, a cikin robar da za ki kai, da yanka ɗaya na zabo kamar yadda mai saye zai samu. In kika ɗauki hoton tire mai rabin zabo, mutum ya buɗe roba ya ga kashi ɗaya cikin huɗu, ya riga ya ji an rage masa ko da kuɗinsa daidai ne. Ki fita da farantin inuwar ƙofa da hantsi ki ɗauka, hasken waje ya fi na cikin madafa nuna koren ganye.

Layin ƙarshe, wanda ke cewa a aiko suna da yawa da unguwa da kwatance, shi ne zai rage miki rabin hirar da ke cinye safiyarki. Ba tare da shi ba, mutum zai rubuto "salam", ki amsa, ya ce "akwai?", ki amsa, ya ce "guda biyu", ki tambayi ina, ya ce "Lazare", ki tambayi wajen ina, kafin a gama zabo ya ƙone a kasko. A garin nan ba da lambar gida muke gane wuri ba, da kwatance ne: bayan masallacin kaza, kusa da famfo, ƙofa shuɗiya ta biyu in an bar kwalta. Ki roƙi wanda ya iya ya turo "Localisation" ta WhatsApp, amma ko ya turo, ki karɓi kwatancen baki, don ba kowane mai moto ke bin taswira ba, kuma rezo na iya yankewa a hanya. A Facebook kuma ki sa mahaɗin da ke buɗe hira da ke kai tsaye. Ana rubuta shi da 227 sannan lambobinki takwas, ba alamar tarawa, ba tazara:

```
https://wa.me/227XXXXXXXX
```

In kina da WhatsApp Business, akwai wurin ajiye amsoshin da kike yawan maimaitawa, ki ajiye biyu: ɗaya na tabbatar da kumandi, mai faɗin jimillar kuɗi da tazarar isowa, ɗaya na ba da haƙuri in ya ƙare. Tabbatarwar nan kada ki tsallake ta. Mutum ya rubuto faranti uku zuwa Wadata, ki mayar masa: an karɓa, faranti uku 6.000 F, moto 500 F, duka 6.500 F, zai iso tsakanin 12h15 da 13h15. Daga nan babu gardama a bakin ƙofa tsakaninsa da yaro. Wanda ya ce ya tura ta MyNita, ki duba wayarki ki ga kuɗin sun shigo kafin yaro ya fita, kada ki dogara da hoton shaidar biya kawai. Sabon mutum da ya nemi faranti biyar ko fiye, ki karɓi rabin kuɗi tukuna. Ba rashin yarda ba ne, roba biyar da aka kai ba a samu mai su ba asarar zabo guda da kwata ce, ga waɗanda kika hana don ki ajiye masa.

Lokacin sa hoton, sau biyu ya isa. Na farko daren Talata bayan isha'i, lokacin da mutane ke zaune da waya a hannu, shi ke kawo kumandin taro. Na biyu da safe wajen takwas, kafin ma'aikaci ya yanke abin da zai ci ko a ɗora tukunya a gida. Wanda aka sa sha ɗaya da rabi ya makara, kowa ya riga ya san inda zai ci. Tun da dambun sabo ne a wurinki, Larabar farko ki sayi zabi biyar ko shida kurum, ki rubuta adadin gaskiya, ki ga ƙarfe nawa zai ƙare da unguwar da ta fi kira. Ki riƙe ɗan littafi: ƙarfen da yaro ya fita, ƙarfen da ya dawo, wuri nawa ya tsaya. Bayan Laraba uku, tazarar da za ki rubuta daga littafin nan za ta fito, ba daga ƙiyasina ba. Alamar cewa rubutun ya zauna ita ce saƙonnin da ke shigowa su koma "faranti biyu, Lazare, bayan masallaci". In har yanzu ana tambayarki abu ɗaya sau uku a rana, wannan abin ne ya ɓace a rubutun ko ya faɗa can ƙasa, ki ɗago shi sama.

Masu zuwa su tarar ya ƙare, hakkinsu ne ki sanar da su. Da roba ta ƙarshe ta fita, ki goge hoton safe daga Statut, ki sa wani gajere: dambun Laraba ya ƙare 13h20, mun gode, mai so na mako mai zuwa ya rubuto a ajiye masa. A Facebook ki gyara layin farko ki sa "YA ƘARE" a gabansa. Mutum ba ya jin haushin abinci ya ƙare kamar yadda yake jin haushin ya ƙona mai ya zo cikin rana a kan hoton da har yanzu ke cewa akwai.

Rubutun nan ba ya zama ɗaya duk shekara. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ki ƙara layi ɗaya: in an yi ruwa da rana, kaiwa na iya jinkiri, za mu kira ka. Kin san yadda wasu layukan unguwanninmu ke cika da ruwa har moto ya kasa shiga, kuma in hadari ya haɗo, ke ce za ki fara kira, kada ki jira a kira ki. In kika ƙara ranar Juma'a nan gaba, ki jawo komai baya, a rufe kumandi da goma, a gama kaiwa kafin a tafi masallaci, don yaronki ma zai je salla, ana kuma tare wasu hanyoyi kusa da manyan masallatai, ma'aikatu da yawa kuma da rana suke tashi. Da azumi kuwa lissafin duka ya juye: kowa na son nasa a cikin rabin awar da ke gaban magariba, abin da mai moto ɗaya ba zai iya ba, sai ki rufe kumandi da la'asar, ki rage unguwanni zuwa na kusa, ki rubuta cewa ana kaiwa tsakanin biyar da shida, sauran su aiko yaro ya ɗauka.